Adana Wake Ba Tare Da Magani Ba: Aikin Wannan Mako

Na karanta takardar malaman gona kan adana wake a buhu mai ruɓi uku, na kuma tace muku abin yi, tun ƙwaro bai mai da wahalar damina gari ba.

A shanya waken ya bushe ƙayau, a sheƙe shi, ya huce a inuwa. A hura ledojin ciki guda biyu. Wadda ke fitar da iska a canza ta. A zuba waken, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, sannan buhun waje, domin rashin iska ne ke kashe ƙwaron. A ɗora buhun bisa katako, nesa da bango: ɓera na huda ledar, aikin ya rushe.