Ko Ka Sani? Ɗan Hatimin da ke Mayar da Gyaran Burodi Alƙawari

Ko ka san hatimin nan mai shafa wa kansa tawada, wanda ake gani a kan teburin akawu, yakan juya fuskarsa gaba ɗaya duk lokacin da aka danna shi? Idan yana ajiye, robar da ke ɗauke da rubutun sama take kallo, tana manne da soson tawada. Da ka danna, sai ta bi wata 'yar hanya da aka sassaƙa a jikin gidan hatimin, ta kife, ta taɓa takarda. Ka ɗaga hannu, sifirin ɗin da ke ciki ya mayar da ita inda ta fito, ta sake shan tawada. Wannan juyin shi ne duk sirrin na'urar, kuma da shi mai gidan burodi a Zuru zai iya riƙe kwastomominsa na kullum ba tare da kwamfuta ko wutar lantarki ba.

Tsarin mai sauƙi ne. Ana ba mai saye ɗan kati mai gurabe goma. Duk burodin da ya saya, a buga masa hatimi a gurbi ɗaya, in katin ya cika ya karɓi wata 'yar kyauta. Mu dai mun saba da gyara tun kaka da kakanni, mai ƙosai ta ƙara maka ɗaya, mai tsire ya yanko maka ƙari. Amma gyara ya dogara ne ga sanayya da halin da mai kaya ya tashi da shi. Ɗalibin da ya zo karatu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ko matar sojan da aka kawo bariki watan jiya, ba su san kowa ba tukuna, ga shi kuma yaron kanta ba shi da ikon ƙara wa kowa komai. Kati yana ba su haƙƙi ɗaya da na ɗan gari. Wannan ne ya sa nake ganin abin ya cancanci a yi shi da kyau.

Dabarar ta tsufa. Tun a 1896 kamfanin Sperry da Hutchinson na Amurka ya fara fitar da ƙananan takardu masu kama da kan sarki, 'yan kasuwa na ba masu saye, su liƙa a littafi su karɓi kaya in ya cika. Hatimin roba ya rage wannan wahala. Shi kuma irin na zamani mai gidan roba, kamfanin Trodat na ƙasar Ostiriya ya fito da nasa mai suna Printy a 1976, kuma ya bazu a duniya.

Wanda zai sayi hatimi don katin burodi, ƙarami zai nema, mai faɗin da bai wuce kan ɗan yatsa ba, don gurabe goma su shiga katin da bai fi na cirar kuɗi girma ba. Kada a cika masa rubutu, domin ƙananan haruffa saurin toshewa suke yi. Alama ɗaya mai kauri ta isa, sai dai ta zama ta gidan ce kaɗai. Tauraro ko alamar maki da ake sayarwa a kowane shagon littattafai, kowa zai iya sayen irinsa ya cika katinsa a ɗaki.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen takarda. Tawadar irin wannan hatimi yawanci mai ruwa ce, tana bushewa ne idan takarda ta tsotse ta. Mai gidan burodi yakan so katinsa ya yi ƙyalli, sai ya sa maɗaba'a ta lulluɓe shi da leda gaba da baya. Tawada kuwa ba ta kama leda. Tana nan zaune a sama, da an sa katin a aljihu sai ta goge, gobe a tashi da gardama a gaban kanta. A bar gefen da ake buga hatimi ba ƙyalli. Kafin a buga katuna da yawa, a karɓi guda ɗaya, a buga masa hatimi, a jira ɗan lokaci, a murza da babban yatsa. In ya dame, takardar ba ta yi ba.

Gidan burodi kuma yana da nasa abokan gaban hatimi, wato garin fulawa da maiƙo. Fulawa tana shiga tsakanin zanen robar ta haɗu da tawada ta daskare, ƙurar hunturu ta ƙara a kai. Alamarta ita ce zanen ya fito a cushe, ba a gane gefensa. Tsohon buroshin haƙori da ɗan tsumma mai laima sun isa su wanke shi. Maiƙon bota kuwa, in ya taɓa katin daga hannun mai sayarwa, wurin ba zai sha tawada ba, sai ka ga hatimi da ramuka fari-fari. Idan duk zanen ne ya dusashe bai ɗaya, soson ne ya bushe: a danna hatimin kaɗan, a kulle shi da maɓallin gefe, a zaro soson, a ɗiga masa tawadarsa kaɗan, a bari ta ratsa kafin a mayar. Tawada mai mai, irin ta hatimin ƙarfe, tana lalata roba, kada a kusanto da ita.

To me ya sa mutum ke damuwa da cika kati a kan kyautar da ba ta taka kara ta karya ba? A 1934 wani masanin halayya ɗan Amurka, Clark Hull, ya auna gudun ɓeraye a wata doguwar hanya da aka ajiye abinci a ƙarshenta, ya ga suna ƙara sauri yayin da suke kusantar abincin. A 2006 Ran Kivetz da abokan aikinsa suka ga irin haka ga mutane, a wani shagon shan gahawa na jami'a mai katin "sayi goma, sha ɗaya kyauta". Masu katin suna yawaita zuwa idan ya kusa cika, sannan su ɗan yi sanyi bayan sun karɓi kyauta sun koma sabon kati.

A wannan shekara dai Joseph Nunes da Xavier Drèze suka wallafa wani gwajin da ya fi amfani ga mai burodi. Sun raba katuna 300 a wurin wankin mota. Rabi suna da gurabe takwas, duk babu komai. Rabin kuma gurabe goma ne, amma an riga an buga biyu kyauta. Ka ga kowa wanki takwas ne a gabansa. Duk da haka kashi 34 cikin ɗari na masu kati na biyu sun cika nasu, na farko kuwa kashi 19 kacal. Mutum ya fi son ƙarasa abin da ya ga ya fara. Don haka kada kati ya bar kanta fari fat, a buga hatimin farko kyauta nan take. Ranar da aka karɓi cikakken kati kuma, a miƙa sabo da hatimi ɗaya a kai, don a tare sanyin nan da ke biyo bayan kyauta. A Amurka aka yi gwajin, ba a Zuru ba, saboda haka mai gida ya ƙirga katunan da ya bayar da waɗanda suka dawo, ya ga nasa sakamakon.

Sai lissafi, wanda nan ne nake jin tsoro wa masu ƙaramin jari. Mu ɗauki misali kawai: burodi na naira 1,000, wanda fulawa da suga da yis da itace da leda da ladan ma'aikata suka ci naira 800 a cikinsa. Riba naira 200 ke nan. Wanda ya sayi goma ya kawo ribar naira 2,000. Idan aka ba shi na sha ɗaya kyauta, a idonsa ragin bai kai kashi goma cikin ɗari ba, tunda burodi 11 ya samu a kuɗin 10. A aljihun mai gida kuwa naira 800 ce ta fita daga 2,000, wato kashi 40 cikin ɗari na ribar. Kafin ya mayar da wannan, sai katin ya jawo masa cinikin burodi huɗu da ba za a yi ba in babu katin. Wanda dama kullum a nan yake saye, ba zai ƙara huɗu ba.

Yanzu a sauya kyautar ta zama ƙaramin burodi ko fanke wanda yin sa ya ci naira 200. Kashi goma ne kawai na ribar ya tafi, kuma ƙarin ciniki ɗaya tak ya biya shi. Akwai masu ƙara gurabe zuwa ashirin don su iya ba da babban burodi. Ban goyi bayan haka ba, domin mai sayen burodi sau biyu a mako sai ya yi mako goma kafin ya ga komai, kuma kafin lokacin katin ya ɓata ko ya shiga wanki. Masu shayi da masu tebur da ke ɗaukar burodi da yawa a farashin sari, su an riga an yi musu ragi, ba a haɗa su a wannan tsari.

Rubutun da ke kan katin shi ne alƙawarin, don haka ya zama gajere, ba kwana-kwana. Ga irin abin da ya wadatar: "Sannu da zuwa. Duk babban burodi ɗaya, hatimi ɗaya. Hatimi goma, ƙaramin burodi kyauta. A zo da kati lokacin saye. Katin yana aiki har wata uku." Kowace jimla a nan tana kashe wata rigima ce. "Babban burodi" ya hana mai sayen na naira 200 neman hatimi, wa'adin kuma yana kare mai gida in farashin buhun fulawa ya tashi. Kalma irin "kyauta ta musamman" da ba a faɗi ko mece ce ba, a guje ta. A garin da ake jin C'lela da Hausa da Turanci, kuma galibi yara ake aike sayen burodi, zanen ɗan burodi a gurbi na goma ya fi kowace jimla isar da saƙo.

Saura amana a cikin gida. Hatimin nan kuɗi ne, duk bugu goma burodi ne ya fita. Yaron kanta na iya buga wa abokinsa uku a ciniki ɗaya. Maganinsa shi ne kowane kati ya sami lamba, hatimi ya kwana a aljihun tebur mai makulli, kuma cikakken kati a karɓe shi, a ja masa layi, a ajiye. Ƙarshen wata a ƙirga. Idan katuna 60 suka dawo, hatimi 600 ke nan. A cire na kyautar farko guda 60, saura 540. In littafin ciniki ya nuna manyan burodin da aka sayar ɗai-ɗai a kanta tun fara ba da katin ba su kai 540 ba, to wani yana buga hatimi ba ciniki.

Kai kuma mai saye, kafin ka bar gaban kanta, dubi katinka ka tabbatar hatimin ya fito sarai, ka ba shi ɗan lokaci ya bushe sannan ka sa a aljihu.