Harsashi da Ƙofa: Lissafin Juyawa

Idan harsashi ya maƙale a bakin ƙofar da ke tsaye cik, kada ka lissafa da momentom na miƙaƙƙen layi, domin hinji yana tokare ƙofar a daidai lokacin bugun. Amma ƙarfin hinjin yana kan layin juyawar, ba ya iya juya komai, don haka momentom na juyawa ba ya canzawa.

Ɗauki harsashi mai giram 10, gudunsa mita 400 a daƙiƙa, ya bugi ƙofa tsaye a mita 1 daga hinji: mvr ya ba da 4. Ƙofar kilo 15 ce, faɗinta mita 1, saboda haka ML²/3 ya zama 5, harsashin ya ƙara 0.01. Raba 4 da 5.01: ƙofar za ta juya da kusan radiyan 0.8 a daƙiƙa.