Ba Kowane Kumburi Ne Adon Cikin Fari Ba

Ƙanwata mai cikin fari, idan a Batsari ko Safana kika tashi, to kin sha jin wannan magana daga bakin iyayenmu mata. Mace ta shiga wata na bakwai, fuskarta ta cika, zobe ya ƙi fita daga yatsa, sai a yi murmushi a ce ciki ya karɓe ta, ko a ce wataƙila tagwaye ne. Idan ta ce kanta na sarawa, a ce rana ce ta buge ta wajen sussuka. Masu faɗin haka ba mugunta suke yi ba. Sun haifi takwas, sun haifi goma, kuma sun ga ɗaruruwan mata da ƙafarsu ta kumbura suka sauka lafiya. Ina girmama abin da idonsu ya gani, amma a wannan gaɓa ban yarda da su ba.

Akwai gaskiya a maganarsu. Ƙafar mai tsohon ciki takan kumbura da yamma, domin mahaifa ta yi nauyi ta danne jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Irin wannan kumburi, idan ta kwana ta huta, da safe ya saɓe. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya hau fuska da hannuwa cikin 'yan kwanaki, aka tashi da shi da asuba, fatar ido ta yi nauyi. Wannan yana iya zama sallamar hawan jinin ciki, ciwon da ke ƙarewa da jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune.

Ciwon daga mabiyiya yake tasowa. Idan ba ta kafa jijiyoyinta da kyau a bangon mahaifa ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke ƙuntata jijiyoyin uwa. Jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari, hanta da ƙwaƙwalwa su shiga matsi. Yakan bayyana bayan mako na 20, kuma ya fi kama mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya. Masu tagwaye ma suna cikin waɗanda ya fi kamawa, don haka ko da hasashen iyayenmu mata na tagwaye ya tabbata, dalilin tafiya asibiti ne ya ƙaru.

Mu ɗauki misalin wata yarinya 'yar shekara 17 da aka kawo gidansu goyon ciki a wani ƙauye kusa da Runka. A wata na biyar ta je awo sau ɗaya, jininta ya nuna 110/70, lafiya lau. Ba ta koma ba. Yanzu tana mako na 34. Ran Talata silifas ɗinta ya matse ta. Ran Laraba kanta ya ɗauki ciwo ta goshi, ta sha farasitamol bai sauka ba. Ran Alhamis, da maza suka tafi kasuwar Batsari, ta fara ganin wasu ƙyalli-ƙyalli kamar tartsatsin wuta, ga kuma zafi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama wanda ta ɗauka ƙwannafi ne. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kunyar ɗan fari ba ta bari a yi maganar cikin ma, balle a yi ƙorafi a kansa.

Da a ran Talata aka ɗaura mata na'urar awon jini, aikin minti biyu ne. Idan lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, kuma ɗan tsinken gwajin fitsari ya nuna furotin, an gano ciwon ke nan tun da sauran lokaci. Idan ya kai 160/110, ko ciwon kai da ganin ƙyalli suka shigo kamar yadda suka shigo mata, maganar jira ta ƙare: ranar za a kwantar da ita. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hawan jini ba ya ciwo a farkonsa. Akwai ma wadda jininta zai hau ba tare da ta kumbura ko kaɗan ba, shi ya sa ido kaɗai, ko na ungozomar da ta fi kowa gogewa, ba ya maye gurbin awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma yawancin ziyarar a watanni ukun ƙarshe take, lokacin da wannan ciwo ya fi tasowa.

A asibiti za a ba ta maganin saukar da jini, a yi mata allurar magniziyam salfet don hana jijjiga. Allura ce mai arha, amma ta yi aiki a ƙasarmu. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci goma na jihar Kano. Kafin nan, kusan mace ɗaya cikin biyar da wannan ciwo ya tsananta musu tana rasuwa. Bayan an fara allurar, adadin ya koma kusan biyu cikin ɗari. Sai dai allurar tsare ƙofa kawai take yi. Ciwon ba ya warkewa sai jariri da mabiyiya sun fito, saboda haka idan likita ya ce a tayar da naƙuda ko a yi aiki kafin wata tara ya cika, kada dangi su ɗauka gaggawa ce ta 'yan boko. Kuma a ci gaba da lura da ita bayan haihuwa, domin jijjiga na iya zuwa wa mai jego, musamman a kwana biyun farko. Kunun kanwa mai yawa ba alheri ba ne ga wadda jininta ya hau.

Idan kuwa ta riga ta faɗi tana jijjiga, nan ne wata tsohuwar fahimta ke cin rai, wato a ce iska ce ta taɓa ta, a rufe ɗaki a turnuƙe ta da hayaƙi. A yi addu'a, ba wanda ya isa ya hana, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. A kwantar da ita a gefen hagu, a janye duk abin da zai ji mata rauni. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, don zai bi ta huhu.

Na san abin da za a ce mini, kuma yana da nauyi: wa zai hau babur da dare a gefen dajin Rugu? Shekarun rashin tsaro sun koya wa mutanen Wagini da Ruma da Zakka cewa akwai lokacin da ba a fita. Wannan shi ya sa alamun farko suka fi muhimmanci a wajenmu fiye da a wajen wadda ke zaune kusa da asibitin Turai 'Yar'aduwa a birnin Katsina. Ciwon kan da ya fara da hantsi, a kai shi Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma kafin la'asar. Haka zubar jini komai ƙanƙantarsa, da fashewar faya kafin naƙuda, da zazzaɓi mai zafi, da jariri ya rage motsi: babu wanda ake kwana da shi a cikinsu.

Ke kuma, ƙanwata, zaɓi mutum ɗaya tun yanzu, yayarki ko gwaggonki, wadda ba ki jin nauyin faɗa mata komai. Ku sa maigidan ya ba da izinin fita tun kafin ya yi tafiya, a ajiye kuɗin mai, a riƙe lambar wani mai mota. Idan kika ga ƙyalli-ƙyallin nan a idonki, ki je ki same ta ki ce, "Yaya, kaina na ciwo, ina ganin wuta-wuta, ku kai ni a auna jinina yau."