Jakar ko-ta-kwana: Abin da ya kamata iyalan Adar su haɗa kafin ruwa ya zo

A watan Agustan 2024, ruwan ƙorama ya yi awon gaba da motoci biyu ɗauke da fasinjoji a kan hanyar Tawa zuwa Barmu, inda sama da mutum 50 suka rasa rayukansu. A daminar wannan shekarar, alƙaluman gwamnatin Nijar sun nuna cewa mutum 396 suka rasu a faɗin ƙasar, ambaliyar kuma ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. An ma ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da dama sun zama matsugunin waɗanda gidajensu suka rushe.

Babu jakar da za ta ceci motar da ta faɗa ƙorama. Maganin wannan shi ne a jira ruwa ya janye. Amma ga iyalin da katangar laka ta fara tsagewa a kansu da tsakar dare, abin da hannu ya iya ɗauka cikin minti biyu shi ne za su rayu da shi a kwanaki ukun farko. A Adar, inda magidanta da yawa ke bida a Libiya, Aljeriya, Kodebuwa ko Najeriya, sau da yawa mace ce da tsofaffi da yara ke fuskantar wannan daren.

Mu ɗauki misalin gida mai mutum shida a Barmu: uwa, kaka mai hawan jini da yara huɗu, mai gida kuma yana waje.

Ruwa: lissafin da ba ya shiga jaka

Mutum na buƙatar kusan lita 3 na ruwan sha a rana. Mutum shida a kwana uku, lita 54 ke nan, wato nauyin kilo 54. Babu matar da za ta gudu da wannan ga goyo a baya.

Don haka ake raba ruwan gida biyu. Na farko shi ne wanda ake ɗauka: gora huɗu masu lita ɗaya da rabi, kilo 6, a raba tsakanin uwa da manyan yara. Wannan zai kai su wayewar gari. Na biyu shi ne dabarar gyara ruwan da za a tarar a can: jarka mai murfi wadda babu komai a ciki, da ƙyalle mai tsafta, da ƙwayoyin tsaftace ruwa irin su Akwatab.

Bayan ambaliya, ruwan da ya wanke masai da turken dabbobi yana gangarawa rijiyoyi, daga nan ne gudawa da kwalara ke samun hanya. Ƙwayar Akwatab girma-girma ce, shi ya sa ake karanta adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta. A tace ruwan da ƙyalle idan ya gurɓace, a jefa ƙwayar, a rufe, a jira minti 30 kafin a sha. Ƙwayar ba ta aiki sosai a ruwa mai laka, sai an bar shi ya kwanta tukuna.

Magani: na kaka ne kan gaba

Abin da ya fi wuyar samu a sansanin da aka tsugunar da mutane shi ne maganin da mutum ke sha kullum. Saboda haka a ware wa kaka maganin hawan jini na mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da kwafin takardar likita. Ƙwayar da aka ɓare aka ƙulle a leda ba ta da suna, ba ta da ranar lalacewa, ma'aikacin jinya ma ba zai iya tantance ta ba.

Sai gishirin zawo na ORS, da ƙwayar zinki ta yara, da farasitamol, da bandeji, da sabulu. Ana jiƙa ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, abin da ya rage bayan sa'o'i 24 a zubar. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa sai an yi gwaji a asibiti.

Babban abokin gaba a nan shi ne zafi. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu cewa a adana su ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a Afrilu da Mayu zafin Tawa na wuce 40. Jakar da aka rataya dab da rufin kwano tana gasa magani tun kafin ranarsa ta cika. A rataye ta a ɗaki mafi sanyi, kusa da ƙofa, sama da inda ruwa ko hannun yaro zai kai. Insulin ba ya zama a jaka. A wurin sanyi ake barinsa, a ɗauke shi lokacin fita.

Takardu: kwafi uku, wuri uku

Takardar haihuwa da ta jiƙe na iya hana yaro zana jarrabawa, takardar fili da ta ɓata kuma na iya zama rigimar gado. A yi kwafin takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, littafin iyali, katin rigakafin yara, takardun shaidar karatu da na gida ko gona. A kai muhimman ofishin magajin gari ko na ƴan sanda a buga musu hatimi, domin kwafi mai hatimi ya fi karɓuwa a hukumance.

Kwafi ɗaya a jaka, cikin leda biyu da aka ɗaure. Na biyu a ajiye wurin ɗan uwa a wani gari, misali a Tawa. Na uku hoto ne da waya, a tura wa mai gida ta WhatsApp. A rubuta lambobin waya a takarda, har da 18 ta ƴan kwana-kwana, don waya na iya mutuwa. A ƙara tocila da ƴan canji.

Zagayen duba ranar lalacewa

Jakar da aka haɗa aka manta tana yaudarar mai ita. A buɗe ta sau biyu a shekara: farkon Mayu kafin ruwa ya sauka, da farkon Nuwamba bayan girbi. Kada a ɗaura wannan da sallah, domin sallah na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ita kuwa damina tana nan a lokacinta.

A jikin kwali, EXP ko PER na nufin ranar lalacewa, MFG ko FAB kuma ranar da aka yi maganin. Idan an ga EXP 09/2026, maganin na da inganci har ƙarshen Satumbar 2026.

Ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da zai lalace kafin dubawa ta gaba, yau zai fita. A dubawar Mayun 2026, farasitamol mai 09/2026 ba zai kai Nuwamba ba, sai a fitar da shi a yi amfani da shi a gida, a saka sabo. ORS mai 02/2027 ya zauna, amma a Nuwamba zai fita, tunda ba zai kai Mayu ba. Maganin kaka kuwa duk wata ake juya shi: sabon da aka saya ya shiga jaka, na jakar ya fito a sha. Ruwan gora a sauya shi a kowace dubawa, a rubuta ranar a jiki.

Ido ma na da aikinsa. Ƙwayar da ta sauya launi ko ta farfashe, da ORS da ya dunƙule, da batirin da ya fara tsatsa, duk a fitar da su ko da ranarsu ba ta cika ba. A manna takarda a cikin murfin jakar mai ɗauke da sunan kowane abu da ranarsa.

Wannan takardar ce za ta ba ɗan bida damar taimakawa daga nesa. Idan zai aiko kuɗi a Mayu, ya nemi a turo masa hotonta, ya duba abin da zai lalace kafin Nuwamba, ya ware kuɗin sabo daban da na cefane.