Beta-alanin: Ƙaiƙayin da yake sa wa ba shi ne alamar ƙarfi ba

A wuraren ɗaga ƙarfe na Zariya, da ma tsakanin matasan da ke wasan ƙwallo da dambe a garuruwa irin su Saulawa da Makarfi da Kudan, akan ji ana yaba wa garin da ake kaɗawa a sha kafin atisaye, wai da an sha sai jiki ya ɗauki tsikari. Sinadarin da ke haddasa hakan shi ne beta-alanin, kuma yawancin masu sayensa sun ɗauka tsikarin ne shaidar ya fara aiki. Ba haka lamarin yake ba.

Tsikarin yakan fara ne kimanin minti 15 zuwa 20 bayan sha, a fuska da wuya da bayan hannu, kamar ana tsira wa mutum ƙananan allurai, sannan ya lafa cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sinadarin ne ke zungurar wasu jijiyoyin ji da ke cikin fata, kuma ya fi tsananta idan an sha fiye da miligiram 800 a tashi guda. Ba a gano yana cutar da mai lafiya ba, amma ba ya ƙara wa tsoka komai. Abin da ya kamata a bambanta shi ne borin jini: idan leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe, wannan ba tsikarin beta-alanin ba ne, asibiti ake nufa nan take.

Ainihin aikin a hankali yake tafiya. Tsoka tana haɗa beta-alanin da wani sinadari ta samar da karnosin, wanda ke rage tsamin da ke taruwa a cikinta lokacin aiki mai tsanani, wato zugin da ke sa ƙafar mai gudu ta yi nauyi. Binciken da Roger Harris da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa sai an yi mako huɗu ana sha kullum kafin karnosin ya ƙaru da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Don haka cokali ɗaya ranar wasa asarar kuɗi ne kawai.

Matsayar da kwamitin Olamfik na duniya ya fitar a 2018 ta ambaci kimanin miligiram 65 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, a rarraba shi, na tsawon mako 10 zuwa 12. Ɗan damben da ke da kilo 62 ke nan zai buƙaci kusan giram huɗu a rana. Idan ya kasa shi gida biyar, miligiram 800 kowanne, da tazarar awa uku, ya fi kyau tare da abinci, tsikarin zai ragu ƙwarai kuma amfanin yana nan. A mako huɗu zai cinye giram 112, lissafin da ya dace ya yi tun kafin ya buɗe aljihu. Mai shirin damben kaka kuwa, tun amfanin gona yana tsaye ya kamata ya fara. Lokacin sha bai da alaƙa da lokacin atisaye, kuma idan an daina, karnosin ɗin yakan ɗauki makonni kafin ya sauka.

Inda aka fi ganin tasirinsa shi ne aikin da ake yi da iyakar ƙarfi na minti ɗaya zuwa huɗu, kamar tseren mita 800 da 1,500, ko turmin dambe da kokawa da ya ja ba a yi kisa ba. Ko a nan ɗin ma ƙarin bai cika wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ba, kuma ya fi ƙanƙanta ga ƙwararru. Mai tseren mita 100 ya gama kafin tsamin ya dame shi, haka ma mai ɗaga ƙarfe sau ɗaya. Mai gudun yada ƙanin wani kuma ba tsamin tsoka ne ke fara karya shi ba. A ƙwallon ƙafa sakamakon bincike ya saɓa wa juna. Ma'aikacin da ke tattaki da asuba don rage teɓa kuwa, babu abin da zai samu face ƙaiƙayi.

Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba ta haramta beta-alanin ba, sai dai garin da ake gaurayawa yakan zo da sinadarin kafin mai yawa, wani lokaci har da abubuwan da ba a rubuta a jikin robar ba. Ya fi aminci a nemi wanda beta-alanin ne zalla, mai lambar NAFDAC, wanda aka bayyana nauyin kowane awo. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fara tuntuɓar likita, mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara kuma su bar shi.