Wasiƙar Neman Ƙarin Lokaci: Idan Ciwo Ya Hana Ɗalibi Gama Sharhin Littafi

Zangon farko na makarantun sakandare yakan kama ne a watan Satumba, daidai lokacin da damina ke ja da baya, sauro kuwa yana kan ganiyarsa. Malami ya ba da aikin sharhin littafi, ya yanke ranar karɓa, kwatsam sai masassara ta kwantar da yaro ko yarinya kwana huɗu ko biyar. Abin da aka fi gani shi ne ɗalibin ya yi shiru har ranar ta wuce, sannan ya tari malam a bakin aji yana sosa ƙeya: “Malam, ba ni da lafiya ne.” Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma maganar ta zo a makare, ta zo da baka kawai, kuma ita ce maganar da wanda ya yi wasa da aikinsa ma yake zuwa da ita. Takarda guda, mai layi goma zuwa goma sha biyu, za ta iya raba waɗannan biyun, in an rubuta ta yadda ya kamata kuma ta isa a kan kari.

Kafin a ɗauki biro, yana da kyau ɗalibi da iyayensa su san halin da malamin yake ciki. Sharhin littafi yana cikin ayyukan da ake tara makinsu a tsawon zango, abin da ɗalibai ke kira si’e, wanda a makarantu da yawa yake ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100. Akwai ranar da malami zai miƙa wannan makin ga jami’in jarrabawa na makaranta, kuma ba shi ya yanke ta ba. Akwai kuma ranar da zai mayar wa ’yan aji takardunsu bayan ya duba. Da zarar takardun sun koma hannun yara, wanda bai kawo nasa ba yana iya kwafar na abokinsa, don haka malami mai kula ba ya son karɓar aiki bayan wannan rana. Sauƙin da zai iya yi yana tsakanin waɗannan iyakoki ne. Saboda haka wasiƙar ba wurin neman tausayi kaɗai ba ce. Aikinta shi ne ta ba malam abin da zai yanke hukunci a kai: me ya faru, ina aikin ya tsaya, kuma wace rana za a kawo shi.

Mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ce ’yar aji biyu na babbar sakandare, an ba su sharhin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin da ya fito a 1934 daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Malam yana son shafi uku a kan jigo, zubi da tsari, salo, da taurari, kuma zai karɓa ranar Alhamis, 16 ga Oktoba. Ranar Juma’a 10 ga wata zazzaɓi ya rufe ta. Ranar Asabar aka kai ta asibiti, gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta maganin da ake sha sau biyu a rana har kwana uku. Ke nan ranar Litinin za ta gama shan magani. Sai dai duk wanda ya taɓa wannan ciwo ya san gama magani daban, dawowar ƙarfi daban. Kasala da ɗacin baki da nauyin kai sukan ɗauki wasu kwanaki, kuma ido ba ya jure dogon karatu.

A karatun littafin kuwa ta kai inda Balarabe Abdulkarim ya tafi da Umar daga Kano. Saura wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, da haɗuwarsu, da dawowarsa har ya zauna a Rauta. Ba za ta iya rubuta komai mai ma’ana a kan jigon bauta da ƙaddara ba tare da wannan ɓangaren ba, domin nan ne littafin ya fi nauyi. To kwana nawa za ta roƙa? Lissafin mai sauƙi ne. Ciwo ya cinye mata daga Juma’a zuwa Laraba, kwana shida. Tana buƙatar yamma biyu ta ƙarasa karatu, yamma biyu ta tsara sharhin, ɗaya ta kwafe shi da kyau, ga kuma darussan sauran fannoni da suka wuce ta. Mako guda ya isa, kuma ya yi daidai da abin da ta rasa. Ga abin da za ta rubuta ranar Litinin, bayan ta sa ajinta da kwanan wata a sama ta dama, ta sa “Zuwa ga Malamin Hausa” da sunan makaranta a hagu:

“Assalamu alaikum, Malam.

NEMAN ƘARIN LOKACIN KAWO SHARHIN LITTAFI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da Malam cewa tun ranar Juma’a, 10 ga Oktoba, nake kwance da zazzaɓin cizon sauro. An duba ni a asibiti ranar Asabar, kuma yau nake gama shan magani. Ina sa ran dawowa makaranta ranar Alhamis, in Allah ya yarda.

Na karanta fiye da rabin littafin Shaihu Umar, na kuma fara fitar da bayani a kan taurari, amma ba zan iya kammala sharhin zuwa ranar 16 ga wata ba. Ina roƙon Malam ya ƙara mini mako guda, in kawo shi ranar Alhamis, 23 ga Oktoba. Idan wannan rana ba ta yi wa Malam daidai ba, zan bi wadda ya yanke.

Na haɗo da hoton katin asibiti. Mahaifina ya sa hannu a ƙasa tare da lambar wayarsa.

Na gode. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Ɗalibarka mai biyayya,”

Sai sa hannu, da cikakken suna, da aji.

Layin da ya fi kowane daraja a wasiƙar nan shi ne mai ɗauke da 23 ga Oktoba. Yara da yawa sukan rubuta “zan kawo idan na samu sauƙi.” Niyyarsu ladabi ce, amma malam ba shi da inda zai rubuta “idan na samu sauƙi” a littafin makinsa. Ranar da aka ambata tana ba shi damar dubawa nan take ko ta faɗo kafin ya miƙa maki, ya ce to, ko ya ce a’a, sai dai Talata. Tana kuma ɗaure mai wasiƙar, domin alkawari kaya ne. A nan ne nake jan hankalin iyaye: kada a bar yaro ya ce kwana biyu don ya burge malam, sannan ya kasa cikawa. Roƙo na biyu ya fi na farko wuyar karɓuwa nesa ba kusa ba. Haka kuma wanda ya yi jinyar kwana uku ya nemi wata guda, shi da kansa ya jawo a yi masa kallon tuhuma.

Bayan ranar sai faɗin inda aikin ya tsaya. Malami da ya shekara yana koyar da littafi ɗaya zai gane gaskiyar wannan da tambaya guda. In yaro ya ce ya karanta rabi, aka tambaye shi me ya sa aka kori Makau daga fada ya yi zuru, wasiƙar ta mutu. Gara wanda bai fara ba ya ce bai fara ba. Faɗin haka ba ya hana a yi masa sauƙi, tunda ciwon dai ya same shi.

Batun shaida yana da ɗan sarƙaƙiya a wurinmu. Ba kowane mara lafiya ake kai wa asibiti ba. Wasu kemis ake zuwa, wasu a gida ake jinyarsu, kuma babu takardar da za a nuna. A irin wannan hali sa hannun uba ko uwa ko mariƙi, da lambar wayar da malam zai iya kira, su ne shaida, kuma malamai da yawa suna karɓa. Ɗalibin kwana kuwa sai ya nemi takarda daga ɗakin shan magani na makaranta ko daga malamin da ke kula da ɗakin kwanansu. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne sayo takardar asibiti ta bogi. Laifin jinkirin aiki ƙarami ne, na jabun takarda kuwa yana iya kai yaro gaban kwamitin ladabtarwa.

Ba dole ba ne a zayyana ciwon. Yarinyar da ciwon mara ya kwantar, kuma malaminta namiji ne, ya ishe ta ta rubuta cewa rashin lafiya ya hana ta zuwa makaranta kwana kaza, mahaifiyarta ta sa hannu. Malamin kirki ba zai tsananta tambaya ba. Mai ciwon da ke dawowa lokaci zuwa lokaci, kamar sikila ko asma, hanyarsa daban ce: iyaye su je tun farkon zango su sanar da malamin aji da shugaban makaranta, da takardar likita. Daga nan duk lokacin da ciwon ya tashi, gajeriyar wasiƙa ta wadatar, ba sai an sake kafa hujja daga tushe ba.

Saura yadda za ta isa. Wasiƙar da ta shiga hannun malam ranar Litinin ko Talata neman izini ce. Wadda ta zo ranar Juma’a, bayan an karɓi na kowa, ta zama ban haƙuri, kuma ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Mara lafiya ba sai ya taso ba. Ƙane ko maƙwabcin da suke makaranta ɗaya zai iya kaiwa, a ce masa ya damƙa ta hannu da hannu, kada ya ajiye a tebur a ɗakin malamai inda takardu ke haɗiye juna. In ta waya za a aika, a ɗauki hoton wasiƙar a tura daga wayar uba ko uwa, da rana, tare da sallama da sunan ɗalibi da ajinsa. In jikin yaro ya yi tsanani har ba ya iya riƙe biro, babba ya rubuta da sunansa shi babban, a matsayin mahaifi. Malamai suna gane wasiƙar da yaya ɗan jami’a ya rubuta aka liƙa mata sunan ɗan sakandare.

Wani lokaci malam zai ce ba zai yiwu ba, domin ranar miƙa maki ta matso. Wannan ba ƙarshen magana ba ne. Ana iya roƙonsa ya karɓi abin da aka gama, ko ya yi wa ɗalibin tambayoyi da baka a kan littafin. In jinyar ta yi tsawo har ta shafi fannoni da yawa, maganar ta wuce malami ɗaya, sai uba ya je wurin malamin aji ko mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu.

Ku kuma malamai, in irin wannan takarda ta zo muku, ku amsa a jikinta. Ku rubuta “Na amince, 23 ga Oktoba,” ku sa hannu, ku mayar wa yaron, sannan ku sa alama a littafin maki don kada a wayi gari an cika masa sifiri bisa mantuwa. Yaron da ya tuna da aikinku yana kwance, har ya aiko da rana da shaida, ya cancanci amsa a rubuce.