"Nawa Za Ka Yi Mana Shafi?": Wasiƙar da Sakataren Masallaci Ya Kamata Ya Rubuta

Idan kwamitin masallaci ya yanke shawarar buɗe shafin intanet, yawanci sakatare ake ɗora wa aikin nemo wanda zai ƙera shi. Abin da sakatarori da yawa ke yi shi ne su tura saƙon WhatsApp mai layi ɗaya: "Injiniya, nawa za ka yi mana shafi?" Idan aka tura wa mutum uku wannan tambaya, amsa uku za ta dawo, ko kusa da juna ba su yi ba, domin kowa ya ƙiyasta abin da ya zo masa a rai. Wani shafi mai fuska ɗaya da hoton hasumiya yake nufi, wani kuma ya lissafa har da rumbun tafsiri da hanyar karɓar gudummawa. Kwamiti ya zauna ya zaɓi mai araha, alhali cinikin biri a sama aka yi.

Maganin wannan wasiƙa ce guda, wadda ba sai ta wuce takarda biyu ba. Aikinta shi ne ta sa duk wanda aka aika wa ya yi farashin abu iri ɗaya, kuma ta fayyace tun farko wanda zai mallaki shafin.

A ɗauki misalin masallacin Juma'a a wata unguwa a Kano. Yana da Islamiyya da yamma, ana tafsiri a watan azumi, akwai asusun gyaran rufi, akwai kuma 'yan unguwa da ke zaune a Legas, Abuja da ƙasashen waje masu son jin abin da ake ciki a gida. Sakataren zai buɗe da sallama yadda aka saba: "Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Injiniya, ina rubuto maka ne a madadin kwamitin masallacinmu." Daga nan sai ya faɗi su wane ne za su riƙa shiga shafin. Wannan jimla tana da nauyi a wurin mai ƙera shafi. Idan aka ce masa yawancin jama'a da ƙananan wayoyin Android za su shiga, kuma suna lissafin data, ya san dole ya rage nauyin hotuna, ya guji bidiyon da ke kunna kansa, ya fara tsara fuskar waya kafin ta kwamfuta.

Sai jerin abin da ake so, kuma a nan ne kalma ɗaya ke iya ninka farashi. "Lokutan salla" misali ne mai kyau. Akwai manhajoji da ke lissafa shigar lokaci daga matsayin gari, kuma haɗa su da shafi ba shi da wahala. Amma manhaja za ta ce Azahar ta shiga a Kano wajen ƙarfe 12:30, masallacin kuwa sai ƙarfe biyu yake tayar da iƙama. Mutumin da ya buɗe shafin lokacin jam'i yake nema. Don haka wasiƙar za ta ce: "Muna so ladan ko sakatare ya iya canza lokacin iƙama da kansa, daga wayarsa, ba tare da ya kira ka ba." Haka ma ranar wata. A Najeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake jira kan ganin wata, kalandar manhaja kuma takan saɓa da ita da kwana ɗaya. Sai an nemi a bar wurin gyara kwanan watan da hannu.

Karatun malamai shi ne abu na biyu da ke cin kuɗi ba a sani ba. Sautin awa ɗaya da aka matse daidai da muryar magana yakan kai megabait 29. Tafsirin awa ɗaya da rabi na kwana talatin zai kama gigabait 1.3, ban da huɗubar Juma'a da karatun tsakanin Magariba da Isha'i. Cikin 'yan shekaru ƙaramin masaukin shafi zai cika. Idan sakatare ya rubuta adadin karatun da ake ɗauka a shekara, mai ƙera shafi zai iya ba da zaɓi biyu da farashin kowanne: ko a ajiye sautin a masaukin shafin, ko a ɗora shi a YouTube ko Telegram, shafin ya riƙa nuna hanyar zuwa gare shi kawai.

Harshe ma sai an ambata. Shafin masallaci zai ɗauki Hausa, da ayoyi da hadisai da Larabci, wataƙila da Turanci. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Idan aka zaɓi wanda ba shi da su, sai harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati. Larabci kuwa daga dama yake farawa, kuma wasulansa na iya hawa kan juna idan salon rubutun bai dace ba. Sakatare mai lura zai nemi a nuna masa gwaji: kalmomi irin su "ƙarfe", "ɗalibai" da "ɓangare", da aya ɗaya mai wasula, a kan waya, kafin a ci gaba da aiki.

Batun gudummawa na ma'aji ne, amma sakatare ne zai rubuta shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta lambar asusun masallaci a shafin, ba ta ƙara ko kwabo a farashi. Idan ana so a biya da kati kai tsaye, sai an bi ta kamfanoni irin su Paystack ko Flutterwave, su kuma suna cire la'ada. A tsarin Paystack na biyan kuɗi a cikin gida, kashi 1.5 cikin ɗari ne da ƙarin naira 100, wato a gudummawar naira 5,000 za a cire naira 175. Rajistar ƙungiya da irin waɗannan kamfanoni tana buƙatar takardun hukumar CAC da asusun banki mai sunan ƙungiyar. Masallacin da bai yi rajistar amintattu ba, kuɗinsa kuma yana asusun wani dattijo, gara ya faɗi haka a wasiƙar, kada a biya kuɗin aikin da ba za a iya kunnawa ba.

Akwai kuma abin da kwamiti zai ce ba ya so. Wani zai kawo shawarar a saka sunayen ɗaliban Islamiyya da hotunansu, ko jerin marayun da ake tallafa wa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Ko ba doka ma, mutuncin iyalin da ke karɓar zakka ya fi gaban a baje shi. Layi ɗaya ya isa: ba za a saka sunan yaro ko mai karɓar tallafi ba sai da yardar kwamiti a rubuce.

Sashen da ya fi kowanne muhimmanci gajere ne, kuma shi aka fi mantawa. Shafin intanet kamar gida ne: sunansa shi ne takardar fili, masaukinsa haya ce da ake sabuntawa, abin da mai ƙerawa ya yi shi ne ginin. Suna mai ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, ana sayensa ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma .org.ng aka tanadar wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Hayar shekara-shekara ce. Abin da ke yawan faruwa shi ne mai ƙera shafi ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa don sauƙi. Bayan shekara guda ya tafi bautar ƙasa, ko ya canza lamba, ko an sami saɓani. Saƙon tunatarwa yana zuwa akwatinsa, babu wanda ya gani, wata rana da safe shafin ya ƙi buɗewa. Idan aka daɗe ba a sabunta ba, sunan zai koma kasuwa, kowa na iya saye.

Saboda haka wasiƙar za ta ce a yi rajistar suna da masauki da sunan masallaci, da imel ɗin da kwamiti ya buɗe don wannan aiki, kuma a miƙa duk kalmomin sirri ga mutum biyu, sakatare da ma'aji.

Daga nan sai yadda ake so takardar farashi ta zo. A nemi a raba ta gida biyu: abin da za a biya sau ɗaya, da abin da za a biya kowace shekara. A ƙarƙashin na farko akwai zane, saka bayanai da koyar da mutum biyu. A ƙarƙashin na biyu akwai suna, masauki, kwafin ajiya da kulawa. Rabon yana tona abubuwa. Manhajar WordPress kyauta ce, haka ma takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Mai ƙerawa yana da haƙƙin kuɗin wahalar haɗa su, amma idan ya rubuta su a matsayin kayan da zai sayo da tsada, akwai tambaya. A kuma tambaye shi ko harajin kashi 7.5 cikin ɗari yana cikin jimlar, da kwanakin da farashin zai tsaya. Tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, duk masaukin da ake biya da dala farashinsa motsi yake yi.

A ce amsa biyu sun dawo. Na farko ya ce naira dubu 300, sabuntawa dubu 120 duk shekara, kuma duk gyara sai an dawo wurinsa. Na biyu ya ce dubu 450, sabuntawa dubu 50, har da koyar da ladan da sakatare. A ranar farko na farko ya fi araha da dubu 150. Bayan sabuntawa uku, na farko ya ci dubu 660, na biyu dubu 600, ban da kuɗin kiran na farko duk lokacin da Asuba ta matsa da minti goma. Ba a iya ganin wannan sai wasiƙa ta tilasta a raba farashin.

Sakin layi na ƙarshe na sharuɗɗa ne. A nemi adireshin shafuka biyu ko uku da ya taɓa yi waɗanda har yanzu suna aiki, sakatare ya buɗe su a wayarsa ya ga saurinsu. A faɗi ranar da ake son aikin, kuma idan don azumi ne, a sa ta tun cikin Rajab, a bar Sha'aban don gwaji. A faɗi yadda za a biya: kafin alƙalami, sai kaso na biyu idan an ga samfuri, cikon kuma ranar da sakatare ya shiga da kalmar sirrinsa, ya canza lokacin La'asar da hannunsa, ya ga ya fito a wayar ma'aji. Sai ya rufe da ranar da kwamiti zai zauna duba amsoshi, ya sa hannu, shugaban kwamiti ma ya sa, a buga hatimin masallaci, a ajiye kwafi ɗaya a fayil domin sakataren da zai gaje shi.